Jawabi a Taron Cika Shekara: Yadda Ake Rubuta Nazarin Kasuwa Idan Mai Ɗinki Za Ta Nemi Rance

 

An ce mu yi magana a kan takardar tsarin kasuwanci da banki ke nema kafin ya ba da rance, musamman shafin da ake kira nazarin kasuwa, tunda da yawa a cikinmu masu ɗinki suna son ƙara keke. Abin da ma'aikacin banki ke son gani a shafin nan shi ne su wa za su kawo ɗinki, su nawa ne, kuma a wane wata. Idan muka rubuta “kowa na son ɗinkinmu”, to ba mu faɗa masa komai ba.

Bari mu yi misali da lissafi, amma kowa ta sa nata adadin. Mu ɗauka shago ne mai keke ɗaya. Za mu fara da iyakar unguwa, wato layukan da mace za ta tako da ƙafa ta iso shagon. A ce gida 200 ne, kowane gida mata da 'yan mata uku, mutum 600 ke nan. Mu tambayi mata ashirin ko talatin kala nawa suka ɗinka bara. Idan aka samu kamar uku-uku, unguwar na ɗinka kala 1,800 a shekara. Sai mu ƙirga teloli. In shida ne har da mu, rabon kowa kusan 300. Mu rubuta kuɗin da kowannensu ke karɓa a riga da zani, da abin da mata ke kuka da shi, kamar saɓa alkawari. Kada a manta da masu sayar da abaya ɗinkakkiya da 'yan gwanjo, don su ma cikin aljihu ɗaya muke ci da su.

Daga nan sai a ɗauko littafin awo, shi ne babban shaida. A ƙirga ɗinkin bara wata-wata. A ce Sha'aban, lokacin bukukuwa da anko, kala 35, azumi 50, gabanin Babbar Sallah 40, Satumba da ake komawa makaranta 30. Sauran wata takwas kuwa 15-15. Jimla 275. Kun ga ya yi kusa da 300 ɗin da muka samu a ƙidayar unguwa, alamar lissafin bai kauce ba. Amma in littafi ya ce 275, takarda ta ce za mu ɗinka 900 baɗi, ma'aikacin banki zai tambaya daga hannun wa za mu ƙwato su.

To, ga inda ake yawan faɗuwa. Sai a ɗauki cinikin azumi a ninka sau 12, alhali banki kowane wata yake karɓar kuɗinsa, har da damina lokacin da hankalin magidanta ke kan taki da abinci. Mu duba watan da ba ciniki: kala 15 a kan naira 4,000, ya zama 60,000. A cire haya, zare, man janareta da ɗan abin da ake ba yarinyar shago, a ce 35,000, saura 25,000. In biyan banki 30,000 ne a wata, akwai giɓin 5,000 har wata takwas, wato 40,000, ba a ma yi zancen cefane ba. Shafin nan dole ya nuna inda za a cike giɓin: ko a ware daga ribar sallah, ko a samu makarantar Islamiyya ta ba da takardar cewa mu za mu ɗinka mata hijabi da yunifom, ko kuma a rage yawan rancen. A tuna kuma sallah na matsowa baya da kamar kwana 11 kowace shekara, don haka a duba kalanda kafin a sa watanni.

Abu na ƙarshe, ɗinkin da muka mayar. In a azumi muka ce wa mata 25 ba wuri, wannan shi ne hujjar keke na biyu, don masu kawowa suna nan, hannu ne bai kai ba. Saboda haka daga yau a ware shafi a bayan littafin awo, duk wadda aka mayar a rubuta rana da irin ɗinkin. Wadda rubutu bai zauna mata ba, ta kawo littafinta ajin yaƙi da jahilci mu zauna mu jera tare.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya kai mu ta baɗi lafiya.