Karanta hoton takardar kuɗin wuta: jawabin da aka gabatar a taron reshe



Kwamitin walwala ya ɗora mana nauyin yin magana a kan wani abu da ya sha kawo saɓani tsakaninmu. Da yawa daga cikinmu muna zaune a gidajen haya masu mita ɗaya. Idan takardar kuɗin wuta ta zo, wanda ya tarar da ita sai ya ɗauke ta hoto ya tura wa sauran ta waya, kowa ya dubi adadi mafi girma da ke ƙasa, a raba. To, daga nan rigima take tashi. Abubuwa uku ake nema a hoton: kwanakin da ake cajin kuɗinsu, yawan wutar da aka sha, da abin da ake bin gidan. Za mu bi su da misalin wani gida na malamai huɗu, da alƙaluman da muka sauƙaƙa domin lissafi.

Kafin karatu, sai hoton ya karantu. A shimfiɗa takardar a kan tebur, a miƙe inda ta naɗe, a riƙe waya daidai samanta, ba a karkace ba, kuma a kashe fitilar kyamara domin ƙyallinta yana cinye lambobi. Kusurwoyi huɗu na takardar su fito. Hoton da aka yanke wa kai ba shi da amfani, domin a can sama lambar asusu da sunan wata suke, kuma idan babu su ba wanda zai iya rantsuwa cewa takardar gidanku ce ko ta bana ce. Sannan WhatsApp yana rage kyawun hoto idan an tura shi yadda aka saba. A tura shi a matsayin `Document`, sai ya isa yadda aka ɗauke shi.

Mu fara da kwanaki. Takarda ɗaya tana iya ɗaukar kwanan wata har kashi uku: lokacin da aka sha wutar, ranar da aka buga takardar, da ranar ƙarshe ta biya. Na farkon shi ne abin rubutawa. Takardar da ta zo hannunmu a farkon Afrilu galibi kuɗin wutar Maris ce. A gidan misalinmu, malama ɗaya ta tare ne ranar 1 ga Maris bayan an yi mata sauyin makaranta. Ke nan wutar Maris da ita aka sha, amma duk abin da ya gabaci wannan rana bai shafe ta ba. A kuma tuna cewa a nan rana ake fara rubutawa kafin wata: 03/04 na nufin 3 ga Afrilu.

Sai yawan wuta, kuma nan za mu ɗan daɗe. Abin da muke kira yunit shi ne `kWh`: dutsen guga mai ƙarfin wat 1,000 idan ya yi awa ɗaya yana aiki, ya sha yunit ɗaya. Takarda tana nuna karatun mita na baya, `Previous Reading`, da na yanzu, `Present Reading`, sannan ta ba da bambancinsu. A misalinmu na baya 4,627 ne, na yanzu 4,812. A hoton kuwa, bambancin ya faɗa daidai kan naɗin takarda, wasu suka ce 135 suke gani, wasu suka ce 185. Ba a bukatar musu. Mu da muke koyar da ɗebewa a aji uku, 4,812 a ɗebe 4,627 saura 185. Takwas da uku su ne suka fi rikiɗa a hoto, sai ɗaya da bakwai.

Akwai gwaji na biyu. A ninka yunit da farashin yunit ɗaya da aka buga a takardar. Farashin ya danganta da rukunin da aka sa layinku, daga A zuwa E, bisa awannin wutar da aka yi alkawari a rana. Rukunin A shi ne na awa 20 zuwa sama, kuma shi ya fi tsada. Don haka kada a ari farashin maƙwabcin da ke wata unguwa. Mu ce namu naira 60 ne. Yunit 185 sau 60 ya ba da naira 11,100. Harajin da ake ɗorawa kashi 7.5 ne cikin ɗari tun shekarar 2020, wato naira 832.50. Jimillar kuɗin watan ta zama naira 11,932.50. Da 135 ne, da 8,100 za a gani kafin haraji. Idan lissafi ya ƙi haɗuwa, to ko dai mun karanta wata lamba ba daidai ba, ko kuwa akwai abin tambaya a ofis.

Wani lokaci za a ga karatun baya da na yanzu babu kowa, ko iri ɗaya ne, amma ga yunit an rubuta. Wannan kiyasi ne, ba wanda ya karanta mita. Wasu takardun sukan sa harafin `E` ko kalmar `Estimated`. Hukumar NERC ta sa iyaka ga kiyasin da za a yi wa marasa mita tun 2020. Wanda kuwa yake da mita mai aiki, ya ɗauki hoton fuskar mitar a ranar da takarda ta zo. Karatun da ke jikinta ya kamata ya ɗara na takarda kaɗan. Idan na takarda ne ya wuce na mita, an caje ku wutar da ba ku sha ba, kuma hotunan nan biyu su ne hujjarku.

Na uku shi ne abin da ake bi. Adadin da ke ƙasan takarda ba kuɗin wata ɗaya ba ne, ya haɗa da tsohon bashi, abin da ake rubutawa `Arrears`. A misalinmu bashin baya naira 23,400 ne, an biya 10,000, saura 13,400. A haɗa da 11,932.50 na Maris, abin da ake bi ya zama naira 25,332.50. Da aka raba wannan gida huɗu, kowa ya tashi da kusan 6,333. Alhali rabon malamar da ta tare a Maris kusan 2,983 ne kawai. An ɗora mata naira 3,350 na wutar da wanda ya bar ɗakin ya sha, ita kuma ta yi kawaici don kada a ce baƙuwa ta zo da fitina. A duba kuma ko biyan da aka yi ya fito a takardar. Idan an biya bayan ranar bugawa, sai a wata mai zuwa zai bayyana, shi ya sa hoton rasit yake tafiya tare da hoton takarda.

Takardar ruwa ba ta da nisa da wannan. Inda akwai mita, awon `m³` ne, lita 1,000, wato jarka arba'in mai lita 25. Inda babu mita, kuɗin wata ne tsayayye, sai a rubuta wata da bashi kawai.

Kwamiti yana roƙon duk wanda zai kawo ƙorafi irin wannan ya zo da hoton takardar watan da ake magana da na watan da ya gabace shi, domin karatun yanzu na tsohuwar takarda dole ya zama shi ne karatun baya na sabuwa.