Takardar Asali da Harshen Aji: Wane Irin Kishin Ƙasa Makarantunmu Ke Koyarwa a Yammacin Zamfara?



Masana tarihin siyasa, musamman tun bayan littafin Hans Kohn na 1944, sun saba raba kishin ƙasa gida biyu. Na farko shi ne na zama ɗan ƙasa, inda doka ɗaya da haƙƙi ɗaya ke haɗa mutane ko da kakanninsu ba ɗaya ba ne. Na biyu shi ne na ƙabila, inda ake tambayar mutum jinin wa ke jikinsa kafin a ce da shi namu. A ƙasashe da dama ana ganin harshen gida shi ne makamin kishin ƙabila, harshen hukuma kuma makamin haɗin kai. Hujjata a wannan takarda ita ce, a Anka da Gummi da Bukkuyum lissafin ya juye: harshen Hausa ne ke aikin haɗa 'yan ƙasa, takardar shaidar asali da hukuma ke bayarwa kuma ita ce ke raya ƙabilanci.

Bayan yaƙin basasa, gwamnatin tarayya ta ɗora wa makaranta nauyin ɗinke ƙasa. An kafa hukumar yi wa ƙasa hidima a 1973, aka ƙaddamar da ilimin firamare kyauta a 1976, aka ƙara yawan kwalejojin haɗin kai da aka fara a 1966 da Sakkwato da Warri da Okposi. Ɗaya daga cikin irin waɗannan kwalejoji tana garin Anka. Manufar a fili take: a tara ɗan Inyamuri da ɗan Bayarabe da ɗan Bazamfare a ɗakin kwana ɗaya, su ci tuwo a kwano ɗaya, su tashi suna ganin juna a matsayin 'yan Nijeriya. Ba ni da ja da wannan manufa. Abin dubawa shi ne hanyar da yaro zai bi kafin ya kai ƙofar.

Mu ɗauki yaron da ke firamare a ƙauye irin Tungar Guru. Da safe yana shiga layi a filin makaranta, ya rera taken ƙasa, ya karanto alƙawarin biyayya ga Nijeriya, duka da Turanci, yana maimaitawa kamar aku. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya ce a koyar da shi da harshen uwa ko na al'ummar da ke kewaye da shi a shekarun farko, daga baya a juya zuwa Turanci, wanda a aikace yana nufin daga aji huɗu. Amma abin da aka saba gani shi ne malami ya rubuta darasi da Turanci a allo, ya juyo ya bayyana da Hausa, yara su kwafi abin da ba su iya karantawa. A aji shida sai ga jarrabawar shiga kwalejojin tarayya da hukumar NECO ke shiryawa, ita ma da Turanci. A 2018 ministan ilimi Adamu Adamu ya koka cewa yara 28 kacal aka yi wa rajistar wannan jarrabawa daga jihar Zamfara baki ɗaya. Talauci da rashin tsaro da ƙarancin malamai duk suna da kamasho a wannan adadi, amma ba za a cire harshe daga ciki ba, domin uba ba ya biyan kuɗin jarrabawar da ya san ɗansa ba zai gane tambayoyinta ba.

Maganin da hukuma ta kawo shi ne rage makin shiga bisa jihar asali. A jerin da aka yi ta cece-kuce a kansa a 2013, ana neman maki 139 daga ɗan Anambra, ɗan Zamfara kuwa 4, 'yar Zamfara 2. To wane ne ɗan Zamfara a wannan lissafi? Ba wanda ya yi karatu a Zamfara ba ne, wanda ya riƙe takardar asali daga ƙaramar hukuma ne, wadda akan bayar bayan mai unguwa ko hakimi ya shaida cewa nan ne tushen mahaifinsa. Saboda haka ɗan babban ma'aikaci da aka haifa a Abuja, ya yi makarantar kuɗi, yana cin wannan rangwame, alhali ɗan mai sayar da kayan gyaran babur da aka haifa a Gummi, ya zauna a tabarma ɗaya da 'ya'yan gari, za a auna shi da ma'aunin jihar da kakansa ya baro. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda asali, sai dai sashe na 147 na tsarin mulkin nan ya shigo da sharaɗin ɗan asalin jiha wajen naɗa minista, ba tare da fayyace yadda baƙo zai taɓa zama ɗan gida ba. Darasin da yaro ke ɗauka a nan ya fi na filin taro shiga jiki, don wannan a aljihu yake jin sa.

Za a ce da ni, ai koyarwa da Hausa ɗaukaka ƙabila ɗaya ce. Tarihin yankin nan bai goyi bayan haka ba. Zamfarawan da sarautarsu ta koma Anka bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, da Gobirawan kansu, da Kabawa, da Fulanin gida, kowa ya san zuriyarsa da kirarinsa, kuma duk da Hausa suke ciniki da shari'a da wa'azi. Ba a neman shaidar jini kafin mutum ya shiga Hausa. Zama da magana sun isa. Tanzaniya ta dogara da harshe mai irin wannan hali lokacin da ta mai da Swahili harshen firamare a 1967. Gwajin da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 kuma ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida ba su gaza 'yan uwansu a Turanci ba.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta ƙananan harsuna. Kudu da Gummi da Bukkuyum ƙasar Zuru ce, kuma ɗan Dakarkari ko ɗan Fulanin ruga yana da dalilin ganin Hausa a matsayin mai haɗiye harshen gidansu. Faransa ta haɗa kanta da makaranta bayan dokokin Jules Ferry na 1881 da 1882, amma harsunan larduna irin na Birtaniyar Faransa sun biya kuɗin. Wannan tsoro gaskiya ne. Sai dai Turanci bai taɓa ceton C'lela, harshen Dakarkari, ko Fulfulde ba. Yaron da ya kasa fahimtar aji yana barin makarantar ne ya koma kasuwa, inda Hausa za ta ci gaba da aikinta ba littafi ba ƙa'ida. Abin da zai kare shi shi ne malamin aji ɗaya da biyu mai jin harshensa, wanda hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989 ya kamata ta samar tun tuni.

Manufar harshe kuwa ta ƙi zama wuri ɗaya. A 2022 aka amince da harshen uwa har aji shida, a Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da komawa Turanci zalla, yana kafa hujja da faɗuwar jarrabawa, alhali ba a wadata makarantu da littattafai ko horar da malaman da za a ce an gwada tsarin ba. Shawarata biyu ce. A riƙe Hausa harshen koyarwa a firamaren yankin nan, a koyar da Turanci a matsayin darasi mai ƙwararren malami tun aji ɗaya. Rangwamen makin shiga kuma a ɗora shi kan makarantar da yaro ya yi shekara shida a cikinta, a daina ɗora shi kan garin kakansa. Rajistar makaranta ta fi takardar asali sauƙin tantancewa, muddin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ya tsaya kan a riƙa cika ta.