Kuromosom Ɗaya da Ya Ƙi Rabuwa da Ɗan'uwansa



A cikin ƙwayar halittar ɗan Adam akwai kuromosom 46, an jera su biyu-biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Kafin a samu ƙwan mace ko maniyyi, sai an raba wannan adadi biyu ya koma 23, ta hanyar rabuwar da ake kira mayosis. Zagaye biyu take yi. A na farko, kowane kuromosom yana rabuwa da abokin jerinsa. A na biyu, kowanne yana tsagewa gida biyu.

To, wani lokaci sai kuromosom biyu na lamba 21 su ƙi rabuwa, su tafi gefe guda. Ƙwan sai ya fito da 24. Idan maniyyi mai 23 ya haɗu da shi, jariri zai samu 47, lamba 21 ta zama uku. Wannan shi ne larurar Down, wadda aka gano tushenta a Faris a 1959.

Mafi yawan lokuta a ƙwan uwa kuskuren ke faruwa, a zagaye na farko, kuma da dalili. Ƙwayayen mace suna fara mayosis tun tana cikin mahaifiyarta, sai su tsaya cak har lokacin da kowanne zai fito. Furotin ɗin da ke ɗaure kuromosom da juna yana sassautawa da tsufa, kamar igiyar da ta daɗe a rana. Shi ya sa haɗarin yake kusan ɗaya cikin 1,500 ga 'yar shekara 20, amma kusan ɗaya cikin 100 ga 'yar shekara 40. Ku lura, tun kafin ciki ya shiga aka yi kuskuren; masu ɗora wa uwa laifin abin da ta ci ba su da hujja.

Yaya ake gani? A ɗebi jini, a raini fararen ƙwayoyinsa kamar kwana uku, a zuba maganin kolsemid ya tsayar da su daidai lokacin da kuromosom suka dunƙule. Sannan a kumbura su da ruwa mai ƙarancin gishiri, a rina su, zane-zanen jikinsu su bayyana, a jera su daga manya zuwa ƙanana. Wannan jeri shi ne kariyotayif. Idan yarinya ce, sakamakon zai nuna `47,XX,+21`.

Sai dai ƙirga kaɗai tana yaudara. A wasu yara ƙalilan, jimillar 46 ce cif, domin ƙarin lamba 21 ɗin ya manne ne a jikin wani, galibi lamba 14. A nan dole a gwada jinin iyaye, saboda mai yiwuwa ɗayansu yana ɗauke da mannewar lafiyarsa ƙalau, abin kuma ya sake faruwa a wani cikin.