Jadawalin Ayyuka Bayan Taro: Wa Zai Yi, Yaushe, Ina Aka Kwana

Jadawalin ayyuka takarda ce da ake cirowa daga rahoton taro, wadda ke ɗauke da abubuwan da aka yanke shawarar aikatawa kaɗai. Rahoto yana ba da labarin abin da aka tattauna da wanda ya faɗi me, shi kuwa jadawali ruwansa da abin da ya rage a yi. A Garwa, inda ƙungiyoyin unguwa da na iyayen yara da na manoman audugar da ke hulɗa da Sodecoton suka saba rubuta rahoto da Faransanci bayan an yi mahawara da Fulatanci ko Hausa, shawara takan nutse a tsakiyar dogon rubutu har ba a sake ganinta. Jadawali yana tsamo ta, ya ba kowane aiki layinsa, sannan ya raba layin gurbi huɗu: aikin kansa, mai ɗawainiya da shi, wa'adi, da inda aka kwana.

A ƙaddara wani kwamitin unguwa da ke kusa da gaɓar Binuwai ya zauna a farkon Afrilu domin shirin damina. Dalilin zaman ba ɓoyayye ba ne. Ruwa yakan sauka sosai daga watan Mayu, ya yi ƙarfi a Agusta da Satumba, kuma mutanen yankin ba su manta da ambaliyar 2012 ba, shekarar da kogi ya cika har aka saki ruwa daga madatsar Lagdo. Kwamitin ya watse a kan cewa za a gyara magudanan ruwa. Wannan magana buri ce, ba ta isa shiga jadawali ba, domin ba wanda zai iya nuna ranar da ta cika. Sai an farfasa ta zuwa ayyukan da ido zai iya tabbatarwa, kowanne da aikatau a bakinsa: ƙidaya, kai, sayo, yashe.

| Lamba | Aiki | Mai ɗawainiya | Wa'adi | Inda aka kwana |
|---|---|---|---|---|
| 1 | Ƙidaya magudanan da suka toshe, a rubuta wurarensu | Shugaban matasa | 12 ga Afrilu | An gama |
| 2 | Kai wa magajin gari takardar neman motar kwashe shara | Sakatare | 15 ga Afrilu | Ya tsaya: ana jiran amsa kan ranar samun mota |
| 3 | Sayo shebur 20 da baro 5 | Ma'aji | 22 ga Afrilu | Ana kai |
| 4 | Yashe babbar magudana daga kasuwa zuwa gada | Shugaban matasa | 3 ga Mayu | Ba a fara ba |

Gurbin mai ɗawainiya shi ne inda jadawali ya fi lalacewa. Ƙa'idarsa mutum ɗaya ga kowane layi. A nan an sa muƙamai ne saboda misali, amma a takarda ta gaske sunan mutum ake rubutawa, domin muƙami yana da mataimaki, kuma kowannensu zai iya zaton ɗayan ya yi. Rubuta "kwamiti" ko "matasa" ko "kowa da kowa" daidai yake da barin gurbin fayau. Wannan ba ya nufin mutum ɗaya zai yashe magudana da hannunsa. Samari talatin ma za su iya fita, sai dai mutum guda ne za a tambaya ranar taro, shi ne kuma zai yi shela idan abu ya cije.

Akwai kuskure biyu da kunya ke jawowa a wannan gurbi, kuma sun cancanci a daɗe a kansu. Na farko shi ne ɗora aiki a kan wanda bai halarci taron ba. Mutumin da bai ce "na karɓa" da bakinsa ba, ba a ɗaure shi da komai ba, don haka sai a rubuta sunan wanda zai je ya same shi, wannan saƙon ya zama shi ne aikin. Na biyu shi ne rubuta sunan babba, kamar jauro ko limami ko wani dattijo, saboda girmamawa. Sakatare matashi ba zai iya tsayawa gaban jama'a ya tambayi dattijo me ya hana shi cika alkawari ba, sai layin ya kwana wata uku ba mai taɓa shi. Abin da ya fi shi ne a bar wa babba matsayinsa na uba mai sa baki, a rubuta sunan wanda za a iya tuhuma ba tare da an ji nauyi ba. A layi na biyu, ko da sa hannun jauro ake bukata a takardar, sakatare ne mai ɗawainiya, domin shi zai bi sawunta.

Wa'adi kuwa rana ce takamaimai. "Nan ba da jimawa ba" da "kafin damina" da "bayan Salla" duk suna buɗe ƙofar jayayya, tunda farkon damina ba ya hannun kowa, Salla kuma tana jiran ganin wata. Ana sa ranakun ne ta lissafi daga ƙarshe zuwa farko. Idan ana son yashewa ta kammala ranar 3 ga Mayu, kuma aikin zai ci kwana goma, dole kayan aiki su iso kafin 23 ga Afrilu, shi ya sa aka ba ma'aji 22. Mota kuma dole a nemi ta tun kafin nan, domin ƙasar da aka yaso aka tara a bakin magudana, ruwan farko zai mayar da ita inda ta fito. Idan wa'adi ya wuce aka ƙara lokaci, kada a goge tsohuwar rana. A ja mata layi, a rubuta sabuwa a gefe. Aikin da aka ɗage sau uku yana nuna ko dai ya fi ƙarfin mai shi, ko kuwa ayyuka biyu ne aka cusa a layi ɗaya.

Gurbin inda aka kwana kalmomi huɗu sun ishe shi: ba a fara ba, ana kai, ya tsaya, an gama. Mafi amfani a cikinsu shi ne "ya tsaya", wanda ba a rubuta shi sai tare da dalili da abin da zai warware shi, misali an kai takarda amma ana jiran amsa kan ranar da mota za ta samu. Mafi haɗari kuma shi ne "ana kai", domin yana iya rufe aikin da ba a taɓa ba. Alamar gane shi ita ce layi ya zauna a haka taro biyu a jere ba tare da wani sabon abu da za a nuna ba. "An gama" yana bukatar shaida: rasiɗin shebur, kwafin takarda mai hatimin karɓa, ko wani ɗan kwamiti ya je ya gani.

Littafi mai layi da biro sun isa riƙe wannan jadawali, a ɗauki hotonsa a tura wa 'yan kwamiti ta WhatsApp. Mai amfani da Excel na Faransanci, idan wa'adi yana gurbin D, inda aka kwana yana E, zai iya sa wannan a gurbin F domin ya fito da ayyukan da suka makara:

```
=SI(ET(D2<AUJOURDHUI();E2<>"An gama");"Ya makara";"")
```

Wannan ba zai yi aiki ba sai an shigar da wa'adi a matsayin kwanan wata na gaske, rana da wata da shekara. A kuma lura da tsarin na'urar, domin 03/05 a Kamaru 3 ga Mayu ne, a tsarin Amurka kuwa 5 ga Maris.

Mutum ɗaya ke riƙe asalin jadawali, yawanci sakatare, don kada a wayi gari da kwafi uku masu saɓa wa juna. Taro na gaba da shi ake buɗewa. Ana fara karanta layukan da suka tsaya da waɗanda suka makara, sannan masu wa'adi kafin zama mai zuwa. Waɗanda aka gama a mayar da su shafin baya da lambobinsu, sabon aiki kuma ya ɗauki lamba ta biyar ko da ta ɗaya ta riga ta fita daga shafin.