Amanar Mai Fassara: Gane Saƙon Damfara Kafin a Karanta wa Ɗan'uwa



Da wuya a sami gidan da babu mai karanta wa mutane saƙon waya. Shi ake miƙa wa wayar a ce, "Duba mini, me suke cewa?" Maganata a yau da shi nake, domin sau da yawa ɗan damfara ba ya isa ga dattijon da ba ya jin Turanci sai ta bakin ɗansa. Saƙon da ya zo da alamun ƙarya, idan ka mayar da shi Hausa mai daɗi, ka wanke masa dauɗa, ka kuma ara masa muryar da aka yarda da ita.

Mu ɗauki misali. Kawunka ya zo hankali a tashe da saƙon Turanci mai cewa daga Babban Bankin Najeriya yake. Wai za a rufe asusunsa cikin awa 24 saboda bai haɗa BVN da NIN ba, sai ya latsa wani adireshi ya cike bayanai. Kada ka fara fassarawa jimla bayan jimla yana saurare, domin da ka ce "za a rufe" ba zai ƙara jin sauran ba. Ka ce, "Kawu, zauna in karanta shi duka tukuna."

Kana karantawa, ka dubi abin da fassara ba ta ɗaukowa. Na farko, wa ya aiko? Idan lambar waya ce irin tawa da taka, banki ba ya aiko da sanarwa haka. Amma ko sunan banki ne ya fito a sama, kada ka saki jiki, don ana iya kwaikwayonsa. Na biyu, adireshin. Na Babban Banki shi ne `cbn.gov.ng`. Ka nemi karkataccen layi guda na farko, wato `/`, bayan sunan shafin, ka karanta abin da ke daf da shi ta hagu. Idan bai ƙare da `.gov.ng` ba, to kada ka yarda cewa na Babban Banki ne, ko da an cusa haruffan CBN a farkonsa. Kuma Babban Banki ba ya riƙe asusun ɗaiɗaikun mutane. Kuɗin Kawu suna bankinsa.

Abin da ke sa saƙon ya kama zuciya shi ne an gina shi a kan gaskiya. A ƙarshen 2023 Babban Banki ya umarci bankuna su tabbatar an haɗa asusu da BVN ko NIN, mutane kuma sun ji a rediyo. Saboda haka kada ka dogara ga kuskuren nahawu kawai. Wasu 'yan damfarar Turancinsu ba shi da aibu. Tambayar da ba ta yaudara ita ce: me ake so Kawu ya yi? Shafin zai nemi lambar katinsa, da ranar ƙarewarsa, da lambobi uku na baya, da lambar sirri. Da su ɓarawon zai gwada cire kuɗi, sai bankin gaskiya ya turo wa Kawu lambar amincewa ta lokaci ɗaya, wato OTP. Nan take wani zai kira, wataƙila ma da Hausa, ya ce a karanto masa. Wannan lamba ita ce makulli na ƙarshe, kuma babu ma'aikacin banki da ke da hurumin tambayarta.

Sai yadda za ka faɗa. Kada ka ɓoye saƙon, kada kuma ka ce "ƙarya ne" ka yi gaba, domin wanda tsoro bai sake shi ba, zai kai wayar wurin wani. Ka raba magana biyu. Da farko: "Kawu, saƙon yana cewa kaza da kaza." Ka riƙa maimaita "wai", don ya san ba kai ke faɗa ba. Sannan: "Ni kuma ga abin da na gani," ka nuna masa lambar da adireshin da idonsa. Daga nan ku kira lambar da ke bayan katinsa, ko ku je reshen banki, ba lambar da ke cikin saƙon ba.

Idan kuwa ya riga ya ba da bayanan, ba lokacin faɗa ba ne. Ku kira banki nan take a toshe katin, a canza lambar sirri, kuma kada ku goge saƙon, don shi ne hujja wurin banki da hukumar EFCC. Kunya ce ke sa dattijo ya yi shiru har a kwashe komai, don haka ka tausasa harshe.

Ɗalibai, iyayenku sun ba ku amanar idanunsu. Ku isar da abin da aka rubuta daidai, ku kuma faɗi abin da kuka lura da shi. Allah ya tsare mana dukiya da mutunci.