Ta Ina Za Mu Fara? Zaɓen Tsarin Jawabi A Gaban Ikilisiya

(Jawabin da aka gabatar a taron horar da dattawa da shugabannin ƙungiyoyi)



Yawancin ikilisiyoyinmu ƙanana ne, kuma fasto ɗaya yakan riƙe uku ko huɗu. Saboda haka sau da dama dattijo ne yakan miƙe ya yi wa jama'a magana, ko a kan baiko, ko gini, ko wata rashin jituwa. Mun lura cewa dattijo yakan zo da gaskiya a bakinsa, amma a tashi taro ba a yanke kome ba, wani lokaci ma a tashi da ɓacin rai. Sau da yawa laifin ba na maganar ba ne, na yadda aka jera ta ne. Yau za mu duba hanyoyi uku na jera magana: bin lokaci, wato daga farko zuwa ƙarshe, kawo damuwa sa'an nan maganinta, da kuma gwada abu biyu gefe da gefe.

Bari mu fara da abin da ya faru a wata ikilisiyar ƙauye da muka taɓa kula da ita. Gidaje 40 ne. Sun yi alkawari za su riƙa ba mai bishararsu buhu 12 na masara kowace shekara. Shekarar farko an cika, ta biyu aka sami 10, ta uku 7 kawai. Mai bishara bai ce kome ba, amma muka ji yana neman aikin gadi a gari domin ya ciyar da iyalinsa. Aka ba wani dattijo minti 15 bayan sujada ya yi magana. Mutumin kirki ne ƙwarai. Sai ya ɗauko labari tun daga ranar da aka kafa ikilisiyar a gindin bishiya, ya bi shekara shekara, yana ambaton gidajen da suka kawo da waɗanda suka yi jinkiri. Kafin ya iso ga shekarar da ake ciki, rana ta take, yara suna kuka, mata sun fara fita. Waɗanda aka ambata suka tafi da fushi. Ba a tara ko tiya ɗaya ba.

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Kuskurensa shi ne ya amsa tambayar da ba wanda ya yi. Ga ma'aunin da muke so kowa ya riƙe: kafin ka shirya jawabi, ka tambayi kanka wace tambaya ce take zuciyar masu jinka. In suna tambaya, “Yaya aka yi haka ta faru?” sai ka bi lokaci. In suna tambaya, “To, me za mu yi?” sai ka kawo damuwa da maganinta. In kuwa tambayarsu ita ce, “Wanne za mu ɗauka?” sai ka gwada. Tambayar jama'a ce take zaɓen tsari, ba abin da ya fi wa mai magana sauƙi ba.

Na Ɗaya: Bin Lokaci

Wannan ne ya fi zo mana da sauƙi, domin mun tashi da tatsuniya da ba da labari. Yana da amfani in mutane ba su san abin da ya faru ba, ko kuwa suna zargi. A Ayyukan Manzanni sura 11, da Bitrus ya koma Urushalima, 'yan'uwa suka soke shi domin ya shiga gidan marasa kaciya ya ci abinci da su. Bitrus bai fara da gardama ba. Ya ba su labari bi da bi: addu'arsa a Yafa, wahayin da ya gani, mutum uku da aka aiko daga Kaisariya, shigarsa gidan, da saukowar Ruhu Mai Tsarki. Da suka bi shi taki taki, suka ga ba shi ya ƙulla abin ba, suka yi shiru, suka ɗaukaka Allah.

Ku lura, Bitrus bai faro daga ranar da aka kira shi a bakin tekun Galili ba. Ya faro daga inda maganar ta faro. A ikilisiyar nan tamu, da a ce ana zargin ma'aji da taɓa masarar, to bin lokaci ne daidai: ga ranar da aka tara, ga waɗanda suka auna, ga ranar da aka miƙa. Mataki huɗu ko biyar sun isa. Alamar da za ta nuna maka ka ɓata ita ce ka ji bakinka yana ta maimaita “sa'an nan kuma”, ko wani ya ɗaga hannu a ƙarshe ya ce, “To Baba, me ake so mu yi?”

Na Biyu: Damuwa Da Maganinta

Wannan ne tsarin da ya dace in ana so jama'a su tashi su yi wani abu. Nehemiya, a sura 2, ya kwana uku a Urushalima, ya fita da dare ya duba garun da idonsa, sa'an nan ya tara mutane. Maganarsa gajeriya ce: ya nuna musu halin da birnin yake ciki, ya kira su a sake gini, ya gaya musu yadda Allah ya taimake shi da abin da sarki ya faɗa masa. Haka kuma a Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni a kan gwauraye mata da ake mantawa da su wajen rabon abinci, manzanni ba su tsaya tonon wanda ya fara laifi ba. Suka faɗi damuwar, suka ce a zaɓi mutum bakwai.

Bayan mako biyu muka sake zama da dattijon nan, muka raba minti 15 ɗinsa kashi huɗu. Minti 3 na damuwa: mun yi alkawarin buhu 12, mun ba da 7, mai bishara yana shirin barinmu. Minti 4 na dalili. A nan ne aikin yake, gama da muka bincika, sai muka ga ba rowa ba ce. Shekarar farko an tara a watan Nuwamba, masara tana masussuka. Daga baya aka riƙa ɗagawa har zuwa Afrilu, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kowa yana tunanin kuɗin taki. Minti 6 na magani: in mun ɗauki buhu a kan tiya 40, buhu 12 tiya 480 ke nan, a raba wa gida 40, kowane gida tiya 12, a kawo ranar godiyar kaka. Minti 2 na ƙarshe na roƙo ne: a zaɓi mutum uku masu aunawa yau, kafin a tashi. Ba a kira sunan gidan kowa ba.

Tsarin nan yana lalacewa ta hanya biyu. Ta farko, mai magana ya cinye minti 12 yana kuka da damuwa, ya bar wa magani minti 3. Jama'a su tafi da nauyin zuciya ba tare da aikin yi ba. Ta biyu, maganin ya kauce wa dalili. Da dattijon ya ce maganin shi ne a ƙara wa'azi a kan bayarwa, da an yi wa'azin, a kuma sake tarawa a Afrilu, a sake samun buhu 7. Ku kuma sani, in jama'a ba su yarda akwai damuwa ba tukuna, kada ku yi gaggawar kawo magani. Wanda bai san yana ciwo ba, ba ya karɓar allura.

Na Uku: Gwada Abu Biyu

A ranar da aka yi wannan magana, shugaban matasa ya miƙe ya ce, me zai hana a nemi gona a riƙa noma wa mai bishara da gayya? Shawara ce mai kyau, kuma ta canja tambayar. Yanzu kowa ya yarda da damuwar, sauran wanne za a ɗauka. In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Wanda zai yi magana a zama na gaba, gwadawa ce aikinsa.

Ubangijinmu ya nuna mana yadda ake yi a Matiyu 7:24-27, a misalin mutum biyu masu gini. Ruwan sama ɗaya ne, rigyawa ɗaya, iska ɗaya suka bugi gidajen biyu. Da haka ne bambancin harsashi ya fito fili. Ka'idar ke nan: a auna duka biyu da mudu ɗaya. Kada ka auna shawararka da albarkarta, ka auna ta ɗan'uwanka da wahalarta.

Muka zaɓi ma'auni uku. Na farko, me kowace hanya za ta ci? Karo-karo zai ci tiya 12 a kowane gida. Gona za ta ci aron fili, iri, taki, da kwanakin aiki a tsakiyar damina, lokacin da kowa yake fama da tasa gonar. Na biyu, a kan wa nauyin zai faɗa? Karo-karo yana kan kowa daidai, amma zai yi wa gwauruwa nauyi, sai an rage mata. Gona kuwa tana kan matasa, waɗanda wasunsu sukan tafi ci-rani ko makaranta. Na uku, in damina ta yi gardama fa? Gona ɗaya in ta ƙi, ta ƙi gaba ɗaya. Gonaki 40 da wuya su ƙi tare. Ku lura, ba mu gama maganar karo-karo duka sa'an nan muka shiga ta gona ba. Mun ɗauki ma'auni ɗaya, muka sa duka biyu a kai, kafin mu wuce. Mai karatu yana iya komawa shafin baya, amma mai ji da kunne ba ya iyawa. Kada kuma abin gwadawa ya wuce biyu, ko uku in ya zama dole. Alamar rashin adalci ita ce mai ɗaya shawarar ya ce, “Ba haka na faɗa ba.” Domin kauce wa wannan, ka je wurinsa tun kafin taro, ka faɗa masa shawararsa da bakinka har ya ce haka ne.

Ikilisiyar ta zaɓi karo-karo a shekarar, ta bar maganar gona sai an sami fili. Mai bishara bai tafi ba.

Wani zai tambaya, ba a iya haɗa su? Ana iyawa, amma ɗaya ne zai zama uwar ɗaki, sauran su yi masa hidima. A jawabin dattijon na biyu akwai ɗan tarihi, Nuwamba da Afrilu, amma jimla uku ne kawai a ƙarƙashin dalili. In ka ba dukansu ukun girma ɗaya, ka tuna taura biyu ba ta taunuwa, balle uku.

Aikin da muke ba ku shi ne wannan. Duk wanda aka ba shi magana, tun kwana uku kafin ranar ya rubuta tambayar jama'a a saman takardarsa, cikin jimla ɗaya. In bai tabbata ba, ya tambayi mutum biyu, namiji da mace, abin da ake faɗa a gida a kan batun. Sa'an nan ya zaɓi tsari, ya raba mintocinsa, ya gwada faɗa da ƙarfi yana duban agogo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ubangiji ya ba mu hikima, ya sa maganar bakinmu ta gina ikilisiyarsa, ta kuma haɗa kan 'yan'uwa. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.