Tsawon ɗauka: bidiyon koyarwa da bidiyon talla

 

Maganata ta yau a kan tambaya guda ce da mai tace bidiyo ke amsawa a kowane yanka: wannan hoton zai tsaya a gaban mai kallo har tsawon wane lokaci? Abin da nake nufi da ɗauka shi ne hoton da ke tafiya ba yankewa, daga wannan yanka zuwa na gaba. A ma'aunin talabijin na Najeriya da Nijar sakan ɗaya firem 25 ne, sinima na tafiya a kan 24, yawancin wayoyi kuma a kan 30. Don haka mai tacewa ba da sakan kaɗai yake lissafi ba. Firem biyar, wato kashi ɗaya cikin biyar na sakan, sun isa su sa yanka ya zauna ko ya yi tuntuɓe.

Sau da yawa ɗalibai kan nemi a ba su adadi: sakan nawa? Adadin ba ya hannun edita, yana wajen mai kallo, domin kowace ɗauka aiki take ba shi. Da hoto ya bayyana, sai idonsa ya nemo inda zai duba, sannan ya gane abin da yake gani, sannan ya yi wani abu da shi. Matakai biyu na farko sun dogara ga yawan abin da ke cikin hoton. Fuska guda da ta cika allo ana gane ta cikin ƙiftawar ido. Hoton kasuwa daga nesa, da rumfuna da masu wucewa da babura, yana buƙatar ninkin wannan lokacin ko fiye, kafin ido ya samo mutumin da ake so ya bi. A mataki na uku ne koyarwa da talla suke rabuwa. Mai kallon koyarwa zai tashi ya maimaita abin da hannunsa, saboda haka dole ya riƙe shi. Mai kallon talla kuwa ana so ne ransa ya biya, ya kuma san inda zai samu.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wata mai sana'ar waina ta kira ka, ka yini a kicin ɗinta kana ɗauka. Tana son abu biyu daga hotunan nan: bidiyon koya wa mata suyar waina, da tallar sakan 15 don masu biki da masu buɗa-baki su riƙa yin oda. Hotuna iri ɗaya, tanda ɗaya, hannu ɗaya.

Mu fara da koyarwa. Akwai wurin da ta ɗebi ƙullu da ludayi ta ɗaga, ta bar shi ya zubo cikin roba. Wannan ɗaukar ita ce zuciyar darasin, domin kaurin ƙullu ba ya faɗuwa da baki. Ko ta ce "kada ya yi ruwa, kada ya yi kauri", mai koyo ba ta ƙaru da komai ba sai ta ga yadda yake sauka daga ludayin, da yadda yake kwanciya idan ya faɗa kan sauran. Ni zan bar wannan ɗaukar sakan shida ko bakwai, in kuma ta sake ɗagawa karo na biyu, in bar shi ma. Sabon edita zai ga hoton ba ya motsi sosai, hannunsa ya yi ƙaiƙayi, ya yanke a sakan biyu. Matar da ke kallo a gida ta ga an zuba wani abu fari, amma ba ta ga kaurinsa ba, kuma wainarta za ta fito a kwance.

Haka wajen juyawa. Ƙa'idar da nake bi ita ce a fara ɗaukar kamar sakan ɗaya kafin hannu ya shigo, a bar aikin ya gudana ba yanka a tsakiyarsa, sannan a ƙara sakan ɗaya ko biyu bayan hannu ya fita. Sakan na farko shi ke ba ido damar ganin alamar da ta sa mai suyar ta miƙa cokali: gefen wainar ya bushe ya soma ja, samanta ya yi ƙananan huda. Na ƙarshe kuma shi ke nuna sakamako, wato launin da ake nema. Idan ka yanke daga cokali yana shiga zuwa waina a juye, ka ɓoye ainihin abin da mutum ya zo koya, wato ta ina cokalin ya shiga da yadda wuyan hannu ya karkata. Murya ma tana da nata wurin zama. A bar ta ta riga hannu da ɗan kaɗan, ta ce "yanzu ki duba gefen" tun hoton baya bai gama fita ba, domin sabon hoto ya tarar da ido a shirye.

Kada wani ya fahimci cewa koyarwa jan ƙafa ce. Tanda na da gurabe da yawa, kuma babu mai buƙatar ganin an cika su duka. Nuna biyu cikakku, ka tsallake sauran. Awannin da ƙullu ke yi yana tashi, rubutu guda a allo ya wadatar, sai hoton robar kafin tashi da bayan tashi. Saurin bidiyon koyarwa daga abin da aka zubar tsakanin matakai yake fitowa, su kuwa matakan a bar su da tsawonsu.

To, mu koma talla. Sakan 15 a kan firem 25 ya ba mu firem 375, ba ƙari. A YouTube, tallar da ake iya tsallakewa tana ba mai kallo maɓallin tsallakewa bayan sakan biyar, a sauran dandamali kuwa babban yatsa ba ya ma jiran haka. Saboda haka ba a buɗewa da ƙofar shago ko sallama. Ana buɗewa da waina tana juyawa cikin mai, da ƙarar suya.

A nan kiɗa kan zama ma'auni. In ka zaɓi kiɗa mai bugu 100 a minti, kowane bugu firem 15 ne daidai, tallar gaba ɗaya kuma bugu 25. Ga yadda zan raba. Juyawar waina, bugu uku. Zubowar ƙullu, wadda muka ba sakan bakwai ɗazu, bugu biyu kacal, sakan ɗaya da ɗoriya, domin a nan ba kaurinsa ake koyarwa ba, tsabta da laushi ake nunawa. Hannu ya ɓare waina tururi ya tashi, bugu uku. Tsomawa cikin miyar taushe, biyu. Fuskar mai ci, uku, domin fuska na son a ɗan jira ta har murmushin ya iso. Kula cike da waina ana rufewa don kaiwa gidan biki, uku. Idan kun haɗa, bugu 16 ke nan. Ku lura ban ba su tsawo ɗaya ba. Yanka da ke faɗowa a kan tazara iri ɗaya, kunne da ido sukan gane shi da wuri, daga nan hankali ya tafi wani wuri.

Saura bugu tara, sakan biyar da ɗan wani abu, kuma dukansu na ɗauka guda ne: sunan mai wainar, unguwarta, da lambar waya. Wannan shi ne wurin da na fi ganin ana asara, kuma yana damuna ƙwarai, domin kuɗin mai ƙaramar sana'a ne ke zubewa. Edita ya kashe sakan goma sha uku yana nuna gwaninta, ya bar wa lambar waya sakan biyu. Lambar waya a Najeriya alƙaluma 11 ce. Ka karanta ta a fili, da saurin mai magana, sau biyu. Lokacin da ka ɗauka shi ne mafi ƙarancin abin da za ka ba ta. Hoton da ke bayanta kuma ya natsu, kada wani abu ya riƙa gilmawa yana janye ido. A tallar da aka tace da kyau, ɗauka mafi tsawo sau da yawa ita ce ta ƙarshe.

Walter Murch, wanda ya yi aikin tacewa a finafinan Apocalypse Now da The English Patient, ya jera abubuwa shida da yake dubawa kafin ya yanka a littafinsa In the Blink of an Eye. Daga cikinsu, ya ba motsin zuciya kashi 51 cikin ɗari, labari 23, tafiyar kari 10, bin idon mai kallo 7. Don fim ya yi wannan jerin, kuma talla na tafiya da shi sosai. A koyarwa kuwa, a ganina, bin ido yana hawowa sama, ya zauna kusa da fahimta. Idan cokali yana gefen dama na allo a wannan ɗaukar, sai ta gaba ta kawo shi hagu, mai kallo zai ɓata ɗan lokaci yana nema. Ko dai ka daidaita hotunan biyu, ko ka biya shi wannan lokacin da ƙarin firem.

Ta yaya za ka san ka yi daidai? Babban abokin gabar edita shi ne sabo. Hoton da ka kalla har ka haddace, za ka ga ya yi tsawo alhali baƙon ido bai gama gane shi ba, shi ya sa yawan maimaita kallo ke sa a rage fiye da kima. Murch na da dabara mai sauƙi: ya saki hoton yana tafiya, ya danna tsayawa a inda jikinsa ya ce a yanka, ya lura da firem ɗin, ya koma ya sake. Idan ya faɗa kan firem ɗin nan karo na biyu, ya yarda da shi. Idan ya kauce, ya san bai gama fahimtar ɗaukar ba tukuna. Kuna iya yin wannan a Premiere Pro ko DaVinci Resolve da maɓallan J, K da L.

Sai gwaji da mutum. Bidiyon koyarwa, ka miƙa shi ga wadda ba ta taɓa suyar waina ba, ka tsaya gefe kana kallon yatsanta. Duk inda ta mayar da bidiyon baya, ɗaukar ta yi gajarta. Duk inda ta tura gaba, akwai abin zubarwa. Bayan an ɗora, jadawalin riƙe masu kallo a YouTube Studio zai nuna maka irin wannan: tudu inda ake maimaitawa, kwari inda ake tsallakewa ko ficewa. Talla kuwa, ka kashe sautin, ka nuna wa mutum sau ɗaya a allon waya, ka kife wayar, ka tambaye shi abu uku: me ake sayarwa, wa ke sayarwa, a ina? In ya amsa na farko ya kasa biyun ƙarshe, ka cire ɗauka guda daga tsakiya, wataƙila ta miyar taushe, ka ƙara bugunta biyu a kan suna da lamba.